Kwano nawa ne ke fidda mai shagon abinci a rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon abinci kusa da tasha a nan Maraɗi, shinkafa da wake nake sayarwa da mai da yaji. Haya jaka 30 ce a wata, ba ta canzawa. Tukunyata tana fidda kamar kwano 40, kwano dala sittin. Amma shinkafa da wake da mai kullum kuɗinsu sai ya motsa. Ciniki ana yi, amma ƙarshen wata sai na yi rance nake cika kuɗin haya. Kwano nawa ya kamata in sayar a rana kafin in ce na fita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a cikin nema. Na daɗe ina riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin shiga da fita, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, adadin da kike nema ba ya zama wuri ɗaya. Duk ranar da kuɗin tukunya ya motsa, shi ma sai ya motsa, kuma motsinsa ya fi na kasuwa girma nesa ba kusa ba. Don haka hanyar fidda shi zan nuna miki, yadda ko bayan wata uku za ki iya sake lissafin da kanki cikin minti biyar. Zan rubuta kuɗin da sefa don ya zauna da kyau a takarda, wato dala ɗaya sefa biyar, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Haya da kuɗin kwano naki ne, sauran lambobin kuwa misali ne na ɗora, ki cire su ki sa naki na gaskiya.

Mu fara da kuɗin da ke binki ko kin hura wuta ko ba ki hura ba. Haya ita ce babba, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ruɗin kansu. Akwai yarinyar da ke taya ki wanke-wanke da miƙa abinci, mu ce 15,000 a wata. Akwai wuta da ruwan da kike saye wurin ƴan garuwa, mu ce 7,000. Akwai kabu-kabu ko adaidaita da ke kai ki kasuwa ya dawo da ke da kaya, mu ce 8,000. Harajin shekara, in 24,000 ne, kowane wata 2,000 ke kansa. Sai wani da kusan ba wanda ke rubutawa: tukwane da kula da kwanuka da cokula da benci suna mutuwa a hankali. In kin saye su 72,000 kuma shekara biyu za su yi kafin a sake su, to 3,000 suke ci a wata, ko da ba ki ga ranar da kuɗin ya fita daga hannunki ba. Ki tara da haya 30,000, ya kama 65,000.

Wannan 65,000 ba a raba ta da kwana 30. Da kwanakin da kike buɗe shago ake raba ta, domin su ne ke ɗauke da kwanakin da kike rufe. In kina hutawa rana ɗaya a mako, kwana 26 ke nan, sai ya zama kowace safiya kin tashi da nauyin 2,500 a kanki tun kafin ki wanke shinkafa. Watan da biki ko rasuwa ko rashin lafiyar yaro ya sa kwana 20 kawai kika buɗe, nauyin yana haurawa wajen 3,250 a rana. Mai shago bai san an yi suna a gidanku ba, kuɗinsa cikakke zai karɓa.

Yanzu mu shiga tukunya. Kada ki ce za ki lissafa kuɗin kwano ɗaya kai tsaye, ba wanda ya san man da ke cikin kwano ɗaya. Tukunya guda ake lissafawa, sannan a raba. Mu ce kina zuba shinkafa kilo 5, buhun kilo 25 kuma 12,500 ne, shinkafar tukunya 2,500 ke nan. Wake tiya ɗaya 1,000. Mai lita ɗaya 1,200. Albasa da tattasai da attarugu da ɗan tumatir 900. Gishiri da dunƙule da yaji da kanwa 500. Itace ko gawayi ko gas, duk wanda kike aiki da shi, 600. Leda da sabulun wanke-wanke 300. Tukunya ta tashi 7,000. Ki raba da kwano 40, kowane kwano ya ci 175. Kina sayar da shi 300. Abin da ya rage 125 ne.

Wannan 125 ita ce zuciyar lissafin gaba ɗaya, kuma ina roƙonki kada ki kira ta riba. Ba riba ba ce tukuna. Gudummawa ce da kowane kwano ke kawowa don a sauke nauyin nan na 2,500. Kwano na farko ya kawo 125, na biyu ya kawo 125, haka suke ta cika ramin har ya cika. Ki raba 2,500 da 125, za ki samu 20. A kwano na 20 kin fita, ba riba ba faɗuwa, kunnen doki. Daga na 21 ne abin da ya rage ya fara zama naki. In kin sayar da 40 duka, ashirin na sama sun ba ki 2,500 a rana.

Dokar ke nan a taƙaice: nauyin rana, a raba da abin da kwano ɗaya ke bari bayan an cire kuɗin kayan da ke cikinsa.

To amma ke ba ki saka kanki a lissafin ba. Wadda ke tashi tun kiran assalatu ta tsince wake, ta wuni a bakin wuta a zafin Afrilu na Maraɗi, aikinta yana da kuɗi. Da wata za ki ɗauka ta yi miki girkin nan, da kin biya ta. Ki yanka wa kanki lada, mu ce 2,000 a rana, nauyin ya koma 4,500, a raba da 125, kwano 36. Saboda haka layi biyu gare ki: a 20 shago ya biya kansa, a 36 ya biya ki ke ma. Tsakanin biyun kina aiki ne a ƙasa da ladanki.

Sai mu zo kan abin da ya sa kika rubuto, wato motsin kasuwa. Ki ɗauka damina ta yi tsakiya, waken bara ya ƙare a hannun manoma, sabo bai zo ba. Tiya ta tashi daga 1,000 zuwa 1,500. Buhun shinkafa ya koma 17,500, wato ta tukunya 3,500. Mai ya koma 1,500. Tumatirin lambu da ke cika kasuwa lokacin sanyi daga Jiratawa da bakin gulbi ya ɗauke, kayan miya sun koma 1,100. Sauran ba su motsa ba. Tukunya ta tashi daga 7,000 zuwa 9,000. Kwano ya ci 225, kina nan kina sayar da shi 300, abin da ya rage 75.

Ki raba 2,500 da 75. Ya ba da 33 da ɗoriya, kuma tunda ba a sayar da guntun kwano a lissafi, 34 ke nan. Ki duba da kyau abin da ya faru. Kuɗin tukunya bai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma kwanukan da sai kin sayar kafin ki fita sun tashi daga 20 zuwa 34. Abin da kike komawa gida da shi in kin sayar da 40 ya faɗo daga 2,500 zuwa 500. Layin ladanki kuwa ya koma kwano 60, tukunyarki ma ba ta kai nan. Dalili shi ne tsadar ba daga 300 take cin rabonta ba, daga ƴar 125 ɗin nan take ci. Hamsin a kan ɗari uku ba ta da yawa a ido, amma hamsin daga cikin 125 ta kusa rabi. Shi ya sa za ki ga benci cike da mutane, kwanon kuɗi yana cika da yamma kamar kullum, ƙarshen wata kuma ba kuɗin haya. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ga wannan da idona bayan watan Yuli na 2023, lokacin da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, shinkafa ta yi tashin da kowa a garin nan ya ji a jikinsa. Wata baiwar Allah da nake duba wa lissafi ta ce mini ita abin bai taɓa ta ba, don masu cin abincinta ma ƙaruwa suka yi. Gaskiyarta, sun ƙaru, saboda ita kaɗai ce a layin ba ta ƙara kuɗi ba kuma ba ta rage ludayi ba. Da muka zauna muka lissafa tukunyarta, kowane kwano ɗan abin da yake bari bai kai dala biyar ba. Ƙarin mutanen nan gajiya kawai suka ƙara mata, kuma tunkiyar da ta sayar don ta cika kuɗin buhu ita ce ke ciyar da su.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi natsuwa, don lissafin da na yi a sama yana da wani sharaɗi ɓoyayye. Wancan 20 ɗin gaskiya ne kawai idan abin da za ki sayar shi kika dafa. Mai sayar da sabulu in bai sayar yau ba, gobe sabulunsa na nan. Ke kuwa da zarar shinkafa ta shiga ruwa, 7,000 ta riga ta tafi, ko mutum 40 suka zo ko 15. Dafaffen wake ba ya jiran gobe, balle a bazara. Don haka ranar da kika ɗora cikakkiyar tukunya, lissafin wannan rana daban ne: kuɗin tukunya 7,000 da nauyin rana 2,500, jimla 9,500, a raba da 300. Sai kin sayar da kwano 32 kafin ki fita. A lokacin tsada, 9,000 da 2,500 sun zama 11,500, a raba da 300, kwano 39 ke nan daga cikin 40. Mutum biyu kacal su fasa zuwa, ko hadari ya taso da azahar tasha ta watse, kin faɗi a ranar.

Lambobin biyu duka daidai ne, aikinsu ne ya bambanta. Ashirin tana gaya miki mafi ƙarancin cinikin da shagon zai iya rayuwa da shi in kin daidaita girki da masu saye. Talatin da biyu tana gaya miki abin da ya hau kanki yau, tunda kin riga kin dafa. Abin da ya kamata ki ɗauka daga nan shi ne, ranakun da kika san kasuwa tana sanyi, rabin tukunya ya fi cikakkiya. Rabin tukunya 3,500 ne, kwano 20, in sun ƙare duka kin samu 6,000, kin biya kaya kin biya nauyin rana, kin tashi ba bashi. Cikakkiyar tukunya da aka sayar da 25 daga cikinta ta kawo 7,500 a kan 9,500, faɗuwar jaka biyu, duk da cewa mutanen da suka ci sun fi yawa.

Sannan wannan 40 ɗin da kika ce tukunya tana fiddawa, ina so ki tabbatar da ita, don ina zargin abin da ake biyan kuɗinsa bai kai haka ba. Yarinyar da ke taya ki tana ci. Yara in sun taso daga makaranta suna biyowa. Akwai almajirin da ke tsaye da robarsa, akwai ƙanzo da ya kama a gindin tukunya, akwai gyara, wato ɗan rabin ludayin nan da ake ƙara wa wanda aka saba da shi in ya ce Hajiya a ɗan taɓa. Ban ce ki hana ko ɗaya ba, sadaka ba ta rage dukiya, kuma gyara ita ke riƙe mai saye. Amma lissafi sai ya san da su. Ki sami gwangwanin tumatir wanda ba kowa a ciki ki ajiye kusa da kula, duk kwanon da aka biya ki jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki. Da dare ki zazzage ki ƙirga. Ki yi haka kwana bakwai. Mata da yawa da na sa suka yi wannan sun tarar da ƙwayoyin ba su kai abin da suke faɗa da baki ba.

Mu ce 35 kika samu. To kuɗin tukunya a kan 35 zai hau, ba a kan 40 ba. A lokacin sauƙi 7,000 a raba da 35, kwano ya ci 200, yana barin 100, layin fita ya koma 25. A lokacin tsada kuwa ba sai an wahala da rabawa ba: 35 sau 300 ya ba da 10,500, abin da ya fita 11,500. Faɗuwar jaka ɗaya kowace rana, a kwana 26 jaka 26. Ki kwatanta da hayarki ta jaka 30. Ina kyautata zaton rancen da kike yi ƙarshen wata daga nan yake fitowa.

Tunda masu cin abincinki ba za su ninka don shinkafa ta yi tsada ba, ni na fi son a juya lissafin ta baya, kuma shi ne wanda zai fi yi miki amfani a bakin kasuwa. Ki ɗauki abin da kike samu a rana ta yau da kullum, 10,500, ki cire nauyin rana 2,500, saura 8,000. Wannan ita ce iyakar da kuɗin tukunyarki ba zai wuce ba. Duk ranar da kika tara kuɗin cefane kika ga ya haura jaka takwas, kin san tun kafin ki hura wuta cewa girkin yau na faɗuwa ne, sai dai in an canza wani abu. Ki rubuta lambar nan a bangon littafinki. Akwai kuma ɗan ma'auni da za ki riƙe a ka: a tukunyar kwano 40, duk ƙarin 200 a cefane dala ɗaya ce a kan kowane kwano. Jaka ɗaya ta ƙaru a buhun shinkafa, dala ɗaya ke nan, tunda buhun tukunya biyar yake yi. Dala arba'in ta ƙaru a tiyar wake ko a litar mai, ita ma dala ɗaya. Da wannan kina tsaye gaban mai awo za ki san inda kike.

Wane farashi za ki sa a lissafin, wanda kika saya ko wanda ake sayarwa yau? Na yau. Wannan kuskuren shi ke cinye uwar kuɗi ba a ji ba. Kin sayi buhu 12,500, kina ware 2,500 kullum, kwana biyar kin tara 12,500, kin je kasuwa an ce 14,000. Jaka ɗaya da rabin da kika ɗauka riba ce kika kashe, ashe kuɗin buhu ne. Abin da zai mayar da kayan cikin shago shi ne kuɗinsu na gaskiya. Haka in kina cikin masu dabarar sayen wake da kaka, a Oktoba ko Nuwamba, ki zuba a buhun nan mai ciki uku ko a jarka ki toshe don ƙwari. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ina ƙarfafa ki a kanta. Amma in kin saya tiya 800, a watan Yuli kuma tana 1,500, ki sa 1,500 a lissafin tukunya. Ɗari bakwai ɗin da ke tsakani ribar ajiya ce, da kin sayar da waken ɗanye ma za ki same ta ba tare da kin sha hayaƙi ba. In kika bar ta ta ɓuya a cikin tukunya, za ta rufe miki ido ki ɗauka girkin ne ke kawo kuɗi, sai ranar da ajiyar ta ƙare gaskiya ta fito.

Na san kuma ba kowa ke cewa a ba shi kwano ba. Wani zai ce a zuba na dala arba'in, wani na sefa ɗari biyar da ƙwai, wani ya ƙara da ruwan leda. In cinikinki haka yake, ki bar ƙirga kwano ki koma ƙirga jaka. Tukunyar da ta ci 7,000 ta kawo 12,000 ta bar 5,000, wato a kowace jaka da ta shigo, kamar 415 ke tsayawa. Don ki cike 2,500 sai cinikin rana ya kai 6,000. A lokacin tsada 3,000 ke tsayawa daga 12,000, wato 250 a kowace jaka, sai ciniki ya kai 10,000 kafin ki fita. Lissafi ɗaya ne da na kwano, sai dai wannan yana haɗiye komai har da ƙwai da zoɓo, muddin kin sa kuɗin sayensu a cikin cefane. Abincin da aka ci bashi kuwa, ko na ƴan kabu-kabu ne da ke biya ran Juma'a, kada ki jefa masa wake a gwangwani sai ranar da kuɗin ya shigo hannu.

In lissafi ya nuna kin haura iyaka, hanya biyu ce a gabanki ta kusa: ƙarin kuɗi ko rage ludayi. Mafi yawan masu abinci rage ludayi suke zaɓa, don tsoron kada a ce sun yi tsada. Mu gwada shi da lamba. In kika rage zubi yadda kayan 9,000 za su fidda 45 maimakon 40, kwano ya ci 200, yana barin 100, layin fita ya sauko daga 34 zuwa 25. Amma ki lura, wannan ba ya nufin mutum biyar sababbi za su faɗo daga sama. Amfanin yana zuwa ne idan kin rage abin da kike zubawa a tukunya, ki dafa na 8,000 ki ciyar da arba'in ɗin da kika saba. In kin dafa na 9,000 biyar suka kwana, ba ki yi komai ba sai ɓata wa masu saye rai. Kuma ludayi yana da iyaka. Ɗan dako ko direban da ya ci bai ƙoshi ba ba zai yi miki gardama ba, gobe kawai za ki hango shi a bencin maƙwabciyarki.

Ƙarin kuɗi kuwa, ki mayar da kwano 350, dala saba'in. Da kaya na 225, abin da ya rage ya koma 125, layin fita ya dawo 20. Tambayar da ke hana barci ita ce mutum nawa za su gudu, kuma ita ma tana da lissafi. A 300, kwano 40 suna bar miki 3,000 gaba ɗaya. A 350, kwano 24 sun isa su bar miki wannan 3,000 ɗin. Ma'ana ko mutum 16 cikin 40 suka daina zuwa, ba ki fi da muni ba, da sharaɗin kin rage girki daidai da waɗanda suka rage. In goma ne suka tafi, talatin ɗin da suka tsaya sun bar miki 3,750, kin fi da samu kuma kin fi da hutawa. A nawa ganin, in tsadar ta shinkafa ce da mai, wadda ta shafi kowa a layin kuma ba ta da ranar sauka, ƙarin kuɗi ya fi gaskiya, ki faɗa wa mutane a fili buhu ya tashi, su ma suna cefane a gidajensu. In kuwa tsadar ta lokaci ce, kamar tumatir da damina ko albasa kafin sabuwa ta Galmi ta shigo, ki nemi mafita a cikin tukunya, ki koma kauɗar tumatir, ki ɗan karkata awo wajen wanda ya fi sauƙi tsakanin shinkafa da wake, har kasuwa ta sauko. Abu ɗaya da za ki tanada in kin koma 350 shi ne canji, don rashin dala goma a hannu yana sa a yafe ta, kuma yafe ta sau goma a rana ya cinye ɗari biyar.

Kada in manta da azumi. In kina rufe shago wata guda, ko ciniki yana komawa na buɗa-baki kawai, hayar wannan watan sauran watanni goma sha ɗaya ne za su ɗauke ta. Jaka 360 ta shekara a raba da 11 ya kusa 32,700. Ki riƙa lissafi da 33,000 a matsayin haya, ki ware jaka ukun nan gefe kowane wata.

Ita hayar kanta kuma, kada ki jira ƙarshen wata. Jaka 30 a kwana 26 ya kama 1,150 da ɗan kai, ki mayar da shi 1,200, ko 1,300 in kin haɗa da tanadin azumi. Kowane dare, kafin ki taɓa kuɗin ciniki da sunan cefanen gida, ki fara cire kuɗin da zai sayo kayan tukunyar gobe a farashin yau, sannan ki cire na haya ki sa a asusu ko ki ba mai adashi, sannan sauran nauyin rana. Daren da kika cire na tukunya kika ga na haya bai cika ba, ki ɗauko littafi a daren ki sake tara kuɗin tukunya, ki zazzage gwangwani ki ƙirga waken, za ki ga ko kasuwa ce ta haura jaka takwas ko kuwa kwanukan da aka biya ne suka ragu.